Idan an soke rajista, duk watan da aka cire kuɗi bashi ne a wuyan kamfani

Akwai wata amsa da kamfanonin da ke sayar da hidima ta wata-wata suka saba bayarwa idan mutum ya kai ƙorafin cewa ya soke rajistarsa amma ba a daina cire masa kuɗi ba. Sai su ba shi haƙuri, su ce yanzu sun rufe rajistar, kuma don su kyautata masa za su mayar masa da kuɗin watan ƙarshe. Da yawa daga cikin mutane suna karɓa har da godiya. Ni a ganina wannan amsa zalunci ce, kuma bai kamata kowa ya karɓe ta ba. Izinin da mutum ya ba kamfani na taɓa asusunsa ya ƙare tun ranar da ya soke. Duk abin da aka cire bayan nan, ko na wata biyu ne ko na wata goma sha biyu, kuɗinsa ne da aka ɗauka ba da yardarsa ba, kuma gaba ɗaya za a dawo da shi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce wata mata tana biyan kuɗin wata manhajar koyon harshe ranar 5 ga kowane wata. Ranar 10 ga Janairu ta shiga ta soke, aka turo mata saƙon imel cewa an karɓi sokewar, kuma za ta ci gaba da amfani da manhajar har 4 ga Fabrairu tunda ta riga ta biya kuɗin wannan watan. Har nan babu matsala, kuɗin Janairu halal ɗin kamfani ne. Amma ranar 5 ga Fabrairu aka sake cire kuɗi, haka a Maris, haka a Afrilu, har zuwa 5 ga Agusta. Ba ta lura ba sai ranar 20 ga Agusta, da ta zauna tana duba takardar bayanin asusunta. Wata bakwai ke nan. Da ta yi magana, aka ce za a ba ta na Agusta kawai, domin ƙa'idar kamfanin ba ta yarda a mayar da kuɗin da ya wuce kwana 30 ba.

Wannan ƙa'idar ba ta shafe ta ba ko kaɗan. Ƙa'idar mayar da kuɗi an yi ta ne domin wanda ya sayi abu da son ransa, daga baya ya canza ra'ayi. Ita kuwa ba ta sayi komai ba daga Fabrairu zuwa Agusta. Babu ciniki a tsakaninsu, balle a ce sharuɗɗan ciniki sun ɗaure ta. Wanda ya tashi daga gidan haya ya miƙa makulli, mai gida ya karɓa ya ba shi shaida, ba za a zo bayan wata bakwai a ce kuɗin hayan da aka ci gaba da karɓa a hannunsa bisa kuskure ya zama na mai gida saboda an daɗe da karɓa ba.

Hujja ta biyu da suke kawowa ita ce wai da ta riƙa duba asusunta da ta gani tun watan farko. Gaskiya ne duba asusu abu ne mai kyau. Amma sakacin mai kuɗi ba ya halatta wa wani kuɗinsa. Kuma wa ya fi kusa da ganin kuskuren? Kamfanin ne ke riƙe da bayanin ranar da ta soke, shi ne ya tura mata saƙon tabbatarwa, kuma na'urorinsa suna nuna masa cewa wata bakwai ba ta buɗe manhajar ba. Irin wannan matsala takan faru ne saboda sashen da ke kula da asusun masu amfani daban yake da sashen da ke cire kuɗi, wani lokaci ma wani kamfani ne na daban ke cirewar a madadinsu. An rubuta sokewar a ɗaya, ba ta isa ɗayan ba. Wannan gyaran gidansu ne, babu dalilin da zai sa ita ta biya kuɗinsa. Abin da ke ƙara ɓata mini rai shi ne ƙanƙantar kuɗin wata guda ita ce ke rufa musu asiri, domin ba ya kai yawan da zai sa mutum ya zabura idan alat ya shigo.

Sai dai in faɗi gaskiya, ba duk mai kuka ne ya soke da gaske ba, kuma kafin mutum ya ɗaga murya ya kamata ya tabbatar. Goge manhaja daga waya ba sokewa ba ne. Google da Apple duk sun bayyana haka a shafukansu na taimako. Wanda ya yi rajista ta Google Play ko App Store, a can zai soke, ko da ya rufe asusunsa a cikin manhajar. Wani kuma yana da asusu biyu da imel daban-daban, ya soke ɗaya, ɗayan yana ci. Wani dakatarwa ya danna, wadda ke komawa da kanta bayan ɗan lokaci. Akwai kuma kwangilar shekara da ake biya kashi-kashi duk wata, wadda sokewa a tsakiyarta ba lallai ta tsayar da sauran biyan ba. Alamar da ke raba gardama ita ce saƙon tabbatarwa mai ɗauke da kwanan wata, ko hoton allon da ke nuna ranar da rajistar za ta ƙare. Wanda ke da wannan a hannu, magana ta ƙare.

Yanzu ga inda lokaci ke cutar da mai gaskiya. Idan kamfani ya ƙi biya, mai katin banki yana iya neman bankinsa ya janyo kuɗin ta hanyar kamfanin katin. A tsarin Visa akwai lamba ta musamman domin wannan ƙorafi, 13.2, wato cirar kuɗi mai maimaituwa da aka riga aka soke. Wa'adin da aka saba bayarwa kwana 120 ne, kuma kowace cira da nata lissafin, daga ranar da aka yi ta. Mu koma ga matar nan. Daga 20 ga Agusta idan aka ƙirga kwana 120 baya, za a tsaya a 22 ga Afrilu. Ke nan cirar Mayu, Yuni, Yuli da Agusta suna cikin wa'adi, amma ta Fabrairu, Maris da Afrilu sun riga sun fita. Wa'adin cirar 5 ga Mayu kuma zai cika ranar 2 ga Satumba. Don haka idan kamfanin ya ce mata ta jira mako biyu ana bincike, ta kuma zauna jira, ranar da makonni biyun za su cika wata guda ya sake kuɓuce mata. Ban ce kowane kamfani da gangan yake jan ƙafa ba, amma jan ƙafar shi yake amfana, ita take cutarwa.

Shi ya sa shawarata ita ce a yi abu biyun, neman kamfanin da kai ƙorafi banki, kusa da kusa. Ta rubuta wa kamfanin a rubuce, ta imel, domin maganar waya ba ta barin shaida. Ta faɗi ranar da ta soke, ta haɗa saƙon tabbatarwa, ta jera cira bakwai ɗin kowace da ranarta da adadinta, ta rubuta jimilla, ta ce tana neman a mayar da jimillar nan cikin katin da aka cire ta, ta ba su kwana bakwai. Kada ta roƙi alfarma, kada kuma ta yi zagi. Idan kwana bakwai suka wuce, ta kai wa banki takardun tare da shaidar cewa ta nemi kamfanin, domin banki yakan tambayi hakan. Watanni ukun da suka fita daga wa'adin kati ba su zama na kamfani ba. Hanyar kamfanin katin ce kawai ta rufe. Tana iya bin su ta hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarta ko kotun ƙananan ƙararraki. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai ma doka ta ba mutum wata 13 ya kai wa bankinsa ƙorafin kuɗin da aka cire ba da izininsa ba.

Abu biyu ta kiyaye. Idan aka yi mata tayin watanni kyauta ko kuɗin da ba za ta iya kashewa ba sai a cikin manhajar, ta ƙi, domin kuɗi aka ɗauka, kuɗi za a dawo da shi. Idan kuma ta karɓi kuɗin wata guda, ta rubuta musu cewa ta karɓe shi ne a matsayin wani ɓangare, saura shida, kada daga baya a ce an sasanta. Sannan kada ta ɗauka canza kati zai tsayar da cirar. Visa da Mastercard suna da tsarin da ke iya sanar da kamfanoni lambar sabon kati idan an sabunta tsohon, sai cirar ta bi ta can. Abin da za ta nema a banki shi ne a toshe wannan kamfanin daga cire mata kuɗi.

Wasu za su ce kuskure ne na na'ura, bai kamata a tsananta ba. Zan yarda da haka da a ce kuskuren yana faɗawa ɓangare biyu. Wahalar sokewa ta daɗe da zama hanyar samun kuɗi, har hukumomi suka shiga. A Yunin 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kai Amazon ƙara kan zargin shigar da mutane rajistar hidimarta mai suna Prime ba da cikakkiyar yardarsu ba da kuma wahalar da masu son fita. A Satumban 2025 aka sasanta kan dala biliyan 2.5, inda biliyan 1.5 daga ciki na mayar wa masu rajista ne. Jamus kuwa tun Yulin 2022 ta wajabta wa kamfanoni sanya maɓallin sokewa a fili a shafukansu. Waɗannan matakai suna taimakawa wajen fita, amma ba su kai ga abin da nake magana a kai ba, wato wanda ya riga ya fita ake ci gaba da bin aljihunsa.

A nan ne nake ganin ya kamata doka ta yi tsauri. Kamfanin da aka nuna wa shaidar sokewa a tilasta masa mayar da dukkan kuɗin cikin 'yan kwanaki, ba tare da wa'adin kwana 30 ko 120 ba, kuma idan ya gano matsalar a na'urorinsa ya nemo sauran waɗanda abin ya shafa ya biya su tun ba su tambaya ba. Muddin mafi munin abin da zai sami kamfani shi ne ya mayar da wata ɗaya cikin bakwai ga ɗan tsirarun da suka lura, to lissafi yana gaya masa kada ya gyara komai. Kafin a kai ga wannan doka, abin da ke hannun matar nan shi ne ta ƙi karɓar na Agusta a matsayin ƙarshen magana, ta kuma kai takardunta banki kafin 2 ga Satumba.