Duk ɗan wasan da kansa ya bugu ya gama wasa a ranar

A filayen ƙwallo na unguwanninmu a Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, akwai abin da muke yi idan yara biyu suka yi karo da ka wajen cin ƙwallon sama. A zuba wa wanda ya faɗi ruwan leda a ƙeya, a ɗaga shi, koci ya ce masa "Za ka iya?", yaron ya gyaɗa kai, 'yan kallo su tafa masa saboda jarumtaka. Ina ganin lokaci ya yi da za mu daina wannan tambayar ɗungum. Duk ɗan wasan da aka yi zargin ƙwaƙwalwarsa ta jijjiga, ya kamata a fitar da shi nan take, kuma kada ya koma fili a wannan rana ko da ya rantse cewa lafiyarsa ƙalau.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai laushi da ke zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai, kamar kindirmo a ƙwarya, don haka idan kai ya fizgu da ƙarfi ita ma sai ta kaɗu ta murɗe. Ba dole ne bugun ya sauka a kai ba. Kafaɗar da ta doki ƙirji ko faɗuwa da baya na iya jawo hakan. Wannan kaɗuwa tana miƙar da zaruruwan jijiyoyi, sinadaran da ke ciki da wajen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su hargitse, ƙwayoyin kuma su shiga neman ƙarin sukari domin su gyara kansu a daidai lokacin da jinin da ke zuwa musu ya ragu. Yawanci babu rauni a waje, kuma hoton sikan na kai yakan fito ba tare da nuna komai ba, domin matsalar ta aiki ce, ba ta tsagewa ba. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne suma: a cikin 'yan wasa goma da suka samu jijjigar ƙwaƙwalwa, da ƙyar ɗaya yake suma. Wanda yake jiran yaro ya sume kafin ya yarda akwai matsala, tara daga cikin goma za su wuce shi.

Mu ɗauki misalin yaro mai shekara 15 a wasan gala na Sallah. Gwiwar hannun abokin karawa ta same shi a gefen kai, ya kwanta daƙiƙa kaɗan, ya tashi a hankali yana riƙe da kansa. Abin farko da ya kamata koci ya lura da shi ba ya buƙatar tambaya: shin ya daɗe kafin ya motsa, yana tangaɗi, idonsa ya tsaya wuri ɗaya, ko ya nufi wani ɓangaren fili da ba nasa ba? Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a fitar da shi. A gefen fili sai a tambaye shi abubuwan da ƙwaƙwalwa mai lafiya ba ta kuskurewa: a wane fili muke yau, kafin hutun rabin lokaci ne ko bayansa, wa ya ci ƙwallo ta ƙarshe, da wa kuka buga wasan da ya wuce, kun ci ko an ci ku? Tambayar sunansa ba ta da amfani sosai, saboda tsohon sani yakan tsira, sabon abu ne yake ɓacewa. Idan ya amsa duka daidai amma ya ce kansa na ciwo, yana jin jiri ko tashin zuciya, ko hasken rana na damunsa, hukuncin bai canja ba. Tambayoyin suna iya tabbatar da zargi, amma ba su iya wanke ɗan wasa.

Akwai kuma alamun da ke nuna abin ya wuce zama a benci: ciwon wuya, amai sau da sau, farfaɗiya, ganin abu bibbiyu, ciwon kai mai ƙaruwa, mutuwar hannu ko ƙafa, suma, ko ruɗewa da barci mai ƙara nauyi. A nan sai a kira 112 ko a garzaya sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, kuma idan ana zargin wuya ya taɓu, kada a ɗaga yaron ko a ja shi gefe don wasa ya ci gaba.

Masu jayayya sukan ce, to idan ya huta minti goma ya warware fa? Amsar ita ce alamun ba sa fitowa lokaci ɗaya. Zafin wasa yana ɓoye ciwo, kuma wani sai bayan sa'o'i, ko washegari, ciwon kai da mantuwa suke bayyana. Wanda muke tambaya ko zai iya, da ƙwaƙwalwar da ta bugu yake ba mu amsa, ga kuma tsoron rasa gurbinsa a ƙungiya. A wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya yi karo da kafaɗar Ezequiel Garay na Ajantina, aka bar shi ya ci gaba kusan kwata na awa, har ya je ya tambayi alƙalin wasa Nicola Rizzoli ko wannan ne wasan ƙarshe. Idan haka ta faru a filin Marakana da ke cike da likitoci, me zai hana ta faru a filin da akwatin magani ma babu?

Ɗan wasan da ya koma fili da irin wannan ƙwaƙwalwa ya rage sauri wajen gani da kaucewa, saboda haka ya fi kowa kusa da bugu na biyu, kuma bugu na biyu kafin na farko ya warke yana tsawaita jinya daga kwanaki zuwa makonni ko watanni. A wasu lokuta ƙalilan, galibi ga matasa, ƙwaƙwalwa takan kumbura cikin mintuna ta yi kisa. Haka aka rasa Rowan Stringer, 'yar shekara 17 mai wasan zari-ruga a Kanada, a 2013, bayan ta ci gaba da wasa da ciwon kai daga bugun da ta samu kwanaki kaɗan kafin nan, abin da ya sa lardin Ontariyo ya kafa doka da sunanta a 2018. Gaskiya ne wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma babu koci ko likita da zai iya duban yaro a gefen fili ya san ba shi ne za a rasa ba.

Na san koci yana da nasa uzurin: idan ya gama canjin 'yan wasa, fitar da yaro na nufin wasa da mutum goma, ga kuɗin gala, ga mutuncin unguwa. Wannan matsala ta ƙa'ida ce, kuma da ƙa'ida ake warware ta. Tun watan Yulin 2024 dokokin ƙwallon ƙafa suka ba masu shirya gasa damar ƙara canji na musamman ga wanda ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta jijjiga, ba tare da an lissafa shi cikin canjin da aka saba ba, kuma wanda ya fita ba ya dawowa. Kwamitin kowace gala a zango zai iya rubuta wannan a takardar gasarsa, ya kuma ba alƙalin wasa ikon fitar da yaron ko da kocinsa bai so ba. Haka ya kamata a yi a wuraren atisayen dambe, inda bugun kai shi ne wasan kansa.

Aikin bai ƙare da busa usur ba. A miƙa yaron ga babba a gidansu tare da bayanin abin da ya faru, kada a bar shi shi kaɗai a sa'o'in farko, kada ya tuƙa babur, kada a ba shi asfirin ko tiramol, kuma ma'aikacin lafiya ya duba shi. Yana buƙatar hutu na kwana ɗaya zuwa biyu tare da rage kallon waya, sannan ya fara tafiya a hankali, sai sassarfa, sai atisaye da ƙwallo ba tare da karo ba, kowane mataki aƙalla awa 24, kuma idan ciwon kai ya tsananta ya koma baya. Ya fara komawa makaranta sosai kafin ya koma gasa, kuma atisayen da ake haɗa jiki sai likita ya amince. Yara sun fi manya jinkirin warkewa, wasu har mako huɗu, don haka iyaye su sa a ransu cewa yaron da ya bugu a galar Asabar ɗin nan ba zai buga ta mako mai zuwa ba.