Mabiyan da kake taƙama da su, lambar mutum nawa ke hannunka?

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu neman halali da waya, musamman ƙannena maza da mata da ke sayar da kaya a Instagram da TikTok da Facebook. Ina so kowa ya tsaya ya amsa wa kansa tambaya ɗaya tsakaninsa da Allah: in ka wayi gari gobe shafinka ya ƙi buɗuwa, mutum nawa za ka iya sanar wa ka sauke sabon kaya?

Ni an taɓa yi min wannan tambayar a aikace. Turaren wuta da humra nake yi, kuma sai da na tara mabiya kusan dubu 18 a shafi guda. Wata rana da yamma saƙo ya shigo wai za a rufe min shafi in ban tabbatar da kaina ba. Na latsa, na rubuta lambobin sirrina da hannuna. Kafin a kira isha'i an canza komai. A daren na zauna kan tabarma, ga kwalaben turare na jera na oda, na buɗe wayata ina ƙirga kwastomomin da nake da lambarsu. Sittin da uku na samu. Sauran duk a cikin akwatin saƙon shafin muke magana, har da waɗanda suka tura kuɗi ban aika musu kaya ba. Wannan ya fi komai yi min ciwo, domin a wurinsu ni ce na gudu da haƙƙinsu.

Ba sai ɓarawo ya shigo ba ma. A watan Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, wata bakwai ke nan. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida, don duk na kamfani ɗaya ne. Shafinka rumfar haya ce a kasuwar wani, kuma mai kasuwar ne ke zaɓen wanda zai ga hajarka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Lamba ɗari uku da masu su suka ba ka da yardarsu, ka rubuta ka adana, ta fi maka amfani ranar wuya a kan mabiya dubu talatin.

To ta yaya mabiyi ke zama lamba? Ba wanda zai ba ka lambarsa don kawai ka rubuta "ku turo lambobinku". Kuma don Allah ku daina sa mutane su zuba lambobinsu a ƙarƙashin hoto inda kowa ke gani, domin 'yan damfara can suke kiwo. Ka ba mutum dalili, dalilin kuma ya zama daga cikin sana'arka. Ni abin da na yi da na sake buɗe shafi shi ne na daina sa cikakken jerin farashi a fili, na ce mai so ya yi min magana a WhatsApp, kuma duk wadda ke cikin jerin lambobina ita ke fara ganin sabon haɗi kwana biyu kafin in ɗora a shafi. Mai koyar da ɗinki zai iya ba da darasin farko kyauta. Amma ku kiyayi rabon katin waya ko data don a ba ku lamba. Masu zuwa don kati, kati suka zo nema, ba za su sayi ko kwalba ɗaya ba, kuma su ne ke fara toshe ka.

Sai ka sauƙaƙa hanyar. WhatsApp na da adireshin da mutum zai latsa ya faɗo kai tsaye cikin hirarka, da saƙon da ka riga ka rubuta masa:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Ina%20son%20jerin%20farashi
```

A wurin X ɗin ka sa lambarka ba tare da sifirin farko ba, kuma ba alamar +. Na Nijar su sa 227 a maimakon 234. Wannan `%20` shi ne tazara tsakanin kalmomi. Ka sa shi a bayanin saman shafinka, ka riƙa ambatonsa da bakinka a bidiyo. Amfaninsa shi ne mutumin ne ya fara yi maka magana, da ƙafarsa ya zo.

Nan ne yawancinmu ke yin sakaci. Mutum ya yi sallama, ka tura masa farashi, shi ke nan, lambar na yawo ba suna. A wannan hirar ta farko akwai abin da ya kamata ka nema, cikin ladabi. Ga yadda nake rubutawa: "Hajiya barka da yini, ga farashin. Da wane suna zan ajiye lambarki, kuma daga wane gari? Kin yarda in riƙa sanar da ke in sabon kaya ya zo, sau ɗaya a mako? In kin yarda ki ajiye tawa lambar." Wadda ta ce a'a, in gode mata, in sayar mata da abin da ta zo saya, kuma ba na sa ta a jerin.

Wannan roƙo na "ki ajiye tawa lambar" shi ne ginshiƙin abin. Saƙon `Broadcast` na WhatsApp, wato saƙo ɗaya da ake tura wa jerin mutane lokaci guda, ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Haka `Status`, sai kun ajiye lambar juna zai gani. In ka tura saƙon ka ga na wani ya tsaya a alama ɗaya kwana da kwanaki, alhali kana ganin yana hawa, mafi yawa bai ajiye ka ba ne. Kowane jerin `Broadcast` kuma mutum 256 yake ɗauka. Mai lamba 700 jeri uku zai yi. Tun da dole ne a raba, a raba da hikima: ni na ware na cikin gari daban, na wasu jihohi da sai an kai tasha daban, masu sari daban. Ba amfanin gaya wa ta Maiduguri cewa yau ana kai kaya gida kyauta a Kano.

Wasu za su ce ai guruf ya fi sauƙi. Ni ban yarda da shi ba ga kwastomomi, musamman mata. A guruf kowa na ganin lambar kowa. Ka tara matan aure da 'yan mata ɗari biyu, mutum ɗaya marar tsoron Allah ya shigo ya kwashe lambobin ya fara bin su da saƙo da tsakar dare, kai ka buɗe masa ƙofa. Shi kuwa `Channel` ya rufa asirin mutane, amma kai ma ba ka ganin lambobin mabiyansa, ka ga an koma gidan jiya.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. WhatsApp ma gidan haya ne. In an rufe maka layi a can, ko wayar ta faɗa ruwa, jerin nan uku sun tafi. Lamba ba ta zama taka sai ta fita daga manhajar. Ka tabbata kana ajiye lambobi a asusun Google ɗinka, ba a kan sim ko cikin wayar kaɗai ba. Duk ƙarshen wata ka shiga Google Contacts ka latsa `Export`, ka sauke fayil ɗin, ka aje kwafi a wani wuri daban da wayar. Bayan haka ka buɗe tebur a Google Sheets ko Excel mai suna, lamba, gari, abin da mutum ya saya, da ranar da ya ba da izini. Kafin ka fara zuba lambobi ka mai da layin lambar `Plain text` ko `Text`, in ba haka ba teburin zai cinye sifirin farko, 0803 ta koma 803. Ni har littafi mai bango mai kauri nake da shi, duk wadda ta taɓa saye sau biyu tana ciki da biro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da wannan tebur, ko an rufe komai, kana da kira kana da tes. Sai dai tes na da nasa tarkon da ya shafe mu masu rubuta Hausa. Shafin tes ɗaya harafi 160 ne, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, ko alamar ₦, ko ɗan hoton fuska, sai ya koma 70, in kuma saƙon ya rabu kowane yanki 67. Saƙo mai harafi 150 da ya kamata ya tafi a shafi ɗaya sai ya zama uku. Ga mutum 700, kuɗin shafi 2,100 za ka biya a maimakon 700. Don haka a tes kaɗai nake rubuta k da d da b ba lanƙwasa, in sa N a gaban kuɗi. Sannan wanda ya tura STOP zuwa 2442 ya rufe layinsa daga saƙonnin talla, saƙon da ka tura ta kamfanonin tura tes da yawa ba lallai ya same shi ba. Irin wannan sai kira.

Imel kuwa, kwastomomina ba sa buɗe shi, ban wahalar da kaina ba. Amma mai sayar wa ofisoshi ko mai koyar da darasi ya karɓa tare da lambar. In zai tura wa mutane da yawa ya sa adireshinsu a `Bcc`, kada kowa ya ga na kowa.

Akwai wata hanya da ta yaɗu tsakanin matasa wadda nake roƙonku ku bari: fayil ɗin lambobi dubu da ake rabawa wai kowa ya sauke don masu kallon `Status` su ƙaru, da sayen lambobi a hannun wani. Mutanen nan ba su san ka ba. Ka tura musu talla, kaɗan daga cikinsu su latsa `Report`, sai ka tashi ka ga an rufe layin da kwastomominka na gaskiya suka sani. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023 ta ba mutum haƙƙin janye yardarsa da hana a riƙa turo masa talla. Tun kafin doka ma, lambar da mace ta ba ka don ka kai mata turare amana ce. Ba ka da ikon miƙa ta ga abokinka mai sayar da takalma, ko ɗan siyasa, ko da ya ce zai biya.

Ka kuma cika alkawarin da ka ɗauka. Ka ce sau ɗaya a mako, to ya tsaya sau ɗaya. Ni ranar Alhamis da hantsi nake turawa, hoto biyu da farashi, a ƙasa in rubuta: "In ba kya son saƙon nan, rubuto CIRE." Wadda ta rubuto, a ranar nake cire ta, ba na tambayar dalili. Bayan wata uku-uku ina bin teburin. Lambar da ta daina shiga ina kiranta sau ɗaya, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar da shi, kada in yi ta aika wa baƙon namiji tallan humra da sunan wata Hajiya.

Yau da daddare, kafin ka ɗora wani sabon bidiyo, ka shiga akwatin saƙon shafinka ka nemo mutum ashirin na ƙarshe da suka taɓa sayen kayanka. Ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ka nemi lambarsu da izininsu, ka rubuta a littafi. Gobe ka ɗauki ashirin na gaba.