Lissafin cacar lamba shida cikin 49

Wasu na zaton damar dacewa da duka lambobi shida a cacar 6/49 ta Kanada, inda ake fitar da ƙwallaye shida daga cikin masu ɗauke da lamba 1 zuwa 49, ɗaya ce cikin 49 × 48 × 47 × 46 × 45 × 44, wato fiye da biliyan goma. Wannan lissafi ya ƙirga jerin fitowar ƙwallaye, alhali caca ba ruwanta da wadda ta riga fita. Lambobi shida na iya jeruwa ta hanya 720 (6 × 5 × 4 × 3 × 2 × 1), kuma duka tikiti guda ne. Sai a raba da 720, a sami 13,983,816. Shi ya sa 1, 2, 3, 4, 5, 6, duk da ido na raina su, damarsu daidai take da ta kowane zaɓi.