Yadda Harafi Ɗaya Ya Ciyar da Ni Pweza Mako Uku

Na auri matata a Unguja, babban tsibirin Zanzibar, bayan na kammala karatu a Dar es Salaam, kuma har ranar ɗaurin aure da Turanci muke magana, domin Swahilina bai wuce na gaisuwa da cinikin kasuwa ba. Bayan biki muka zauna wata guda a gidan mahaifiyarta kafin mu taho Kano, sai na ƙudurta cewa zan riƙa gaya wa amaryata kalaman so da harshen da aka yi mata tawai da shi tana jaririya. Wani abokin karatuna ya rubuta mini kalma ɗaya a takarda, wato "nakupenda", ya ce ma'anarta ina son ki, kuma ta ishe ni jari.

Da na zauna na ƙura wa kalmar ido, sai malantar banza ta motsa mini. Na ga "ku" a tsakiyarta, na ce a raina lallai abokina ya yi kuskure, domin kowane Bahaushe ya san "ku" ta jama'a ce, mace ɗaya kuwa "ki" ake ce mata. Ban ga dalilin da zai sa in tsaya gaban amarya in ce ina son ku ba, kamar ɗan takara a dandalin kamfe. Saboda haka na ɗauki biro na gyara wa Waswahili harshensu, na mayar da ita "nakipenda".

Daren da na fara gwada ta, matata ta kawo mini kwanon romo ta ajiye a gabana. A cikinsa akwai gutsattsarin wata halittar teku mai hannuwa takwas da suke kira "pweza", wadda mutanen tsibirin ke ji da ita, ni kuwa ɗan tudu ko kallonta ba na iya yi sai tsigar jikina ta tashi. Na kau da kai daga kwanon, na dubi idonta, na sassauta murya na ce, "Nakipenda sana." Fuskarta ta cika da murna, ta juya da sauri ta nufi madafa tana kiran mahaifiyarta, ni kuma na gyara zama ina jin kaina gwanin soyayya. Ba a jima ba ta dawo da tukunyar gaba ɗaya.

Abin da ban sani ba shi ne, Swahili ba ya raba namiji da mace ko kaɗan a wakilin suna. Cikakkiyar kalmar ita ce "ninakupenda", kuma sassa huɗu ne aka ɗinke: "ni" ita ce ni mai magana, "na" tana nuna yanzu ake ciki, "ku" tana nufin kai ko ke, mutum ɗaya tak, sannan "penda" ita ce so. Ita kuwa "ki" da na cusa, ba ta mace ba ce, wakiliyar wani rukunin sunaye ce da galibinsu kayayyaki ne, irin su "kiti", kujera, da "kitabu", littafi, da kuma "chakula", wato abinci. Ashe abin da na faɗa, ina zaune gaban kwano, shi ne ina matuƙar son abincin nan.

Haka muka yi mako uku. Duk lokacin da so ya taso mini na furta kalmata, sai a ƙaro mini pweza, ni kuma kunyar surukai ta hana ni cewa a'a, sai in rufe ido in haɗiye. Surukata ta shiga sammako zuwa kasuwar Darajani domin ta samo sabon kamu, tana gaya wa maƙwabta cewa Allah ya ba ta suruki ɗan Najeriya wanda bai da ƙyamar abincinsu. Na ci shi a romo, na ci shi a cikin miyar kwakwa, na ci shi gasasshe a bakin teku a Forodhani, inda na sake kallon matata cikin hasken fitilu na ce "nakipenda", ita kuma ta ɗaga hannu ta kira mai gashi ya ƙaro tsinke biyu.

Asirina ya tonu ne wata safiya da babu abinci a kusa. Tana ninke kaya a ɗaki, na tsaya a bakin ƙofa na faɗi kalmata, sai ta waiga hagu da dama tana neman abin da nake nufi, ta nuna gado ta ce, "Kitanda?" Na girgiza kai. Ta ɗaga madubi ta ce, "Kioo?" Da na nuna ta da yatsa, ta yi shiru na ɗan lokaci tana lissafin makonnin da suka wuce, sannan ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi, abin da ta fara tambaya shi ne ko ina son pweza, na ce mata tsakanina da shi sai dai haƙuri.

Daga ranar na yi rantsuwa na rabu da "ki", sai ga shi da dare ta dube ni ta ce, "Lala salama, kipenzi changu." Farkon na gane shi, a kwana lafiya ne, amma na tashi zaune na ce ban yarda a sa ni a layin kujera da gado ba. Ta yi mini bayani cewa "kipenzi" abin ƙauna ne, wanda aka fi ji da shi, kuma a nan "ki" ta shagwaɓa ce. Ta ƙara da cewa kalmar mallaka tana sauya kai gwargwadon sunan da ta bi, shi ya sa ake cewa "kipenzi changu", amma "mpenzi wangu", masoyina ko masoyiyata, da "moyo wangu", zuciyata, sannan "roho yangu", raina. A nan ne masu koyo suka fi zamewa, domin sukan riƙe "yangu" su liƙa wa kowace kalma, kuma ni ma na yi kwana biyu ina cewa "moyo yangu" kafin kunnena ya saba.

Saura guda, wadda ita ce ta kusa jawo zaman sulhu. Bakin Bahaushe ba ya shiri da harafin da ke tsakiyar "nakupenda", wato "p", yakan mayar da shi "f", balle a ce a fara kalma da "m" a bi ta da shi ba wasali a tsakani. Ranar da za mu tafi, dangi sun taru a tsakar gida, na gaida surukata da "shikamoo" ta amsa da "marahaba", sai na so in burge jama'a in kira matata "mpenzi wangu". Harshena ya yi tuntuɓe a kan harafin, ya nemi hanya mai sauƙi, sai na ji kaina na ce "mshenzi wangu". "Mshenzi" kuwa zagi ne sosai, ana faɗa wa bagidaje marar tarbiyya. Tsakar gida ta yi tsit, wani kawunta ya ajiye kofin gahawarsa a hankali, har sai da matata ta yi maza ta ba su labarin pweza tun daga farko, dariya ta ɓarke, aka yafe mini a matsayin wanda ba a kama shi da laifin baki.

Sai dai surukata ba ta karɓi wannan sashe na labarin ba, ta ce ita da idonta ta ga yadda nake share kwano. Da muka sauka Kano muka buɗe akwati, a ƙarƙashin zannuwan kanga na matata muka tarar da ƙunshin busasshen pweza, an rubuta sunana a jiki.