Kashi 5 na wata ba kashi 5 ba ne

"Na ci bashin naira dubu 100 a kungiya, ruwan kashi 5 ne kawai. Ai dubu 5 zan ƙara, ko?"

A'a. Tambaya tukuna: kashi 5 na wata ne ko na shekara? In na wata ne, ka kwashe wata 6, ruwan ya zama dubu 30.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen lissafi. Wasu suna ɗora ruwan a kan uwar kuɗin har ƙarshe, ko da ka biya rabi. Wasu kuwa a kan abin da ya rage: in kana rage uwar kuɗin daidai-wa-daida kowane wata, ruwan duka dubu 17 da ɗari 5 ne.