Ƙulun wayar caja da rediyon Kawu

Teburin da nake ɗora kwamfuta a kai yana da ɗan rami a baya, wanda kafinta ya huda don wucewar waya. Kowace waya tana wucewa lafiya, sai ta cajar kwamfutar, mai wani ƙulu baƙi kusa da bakinta, kaurinsa ya kai babban yatsa. Na tura, na murɗa, na shafa masa man gyaɗa, ya ƙi.

Wani abokina da muke shan shayi tare a nan Garwa ya rage murya ya ce in yi hankali, irin ƙulun nan ne ake ɓoye jan makuri a ciki, wanda ake saye da miliyoyin sefa. Kafin ya gama kofinsa na ɗauko reza. Na yanke robar a hankali, sai ga wani zobe mai tsawo, baƙi-baƙi, wayar ta bi ta tsakiyarsa kawai, ko siririn tagulla ɗaya bai haɗu da shi ba. Na ƙwanƙwasa shi da guduma ya farfashe. Ba ja, ba makuri, ba miliyan. Wayar dai ta wuce ramin, kwamfuta ta kama caji sumul, na ce ashe ado ne.

Da daddare Kawu ya fito da tabarma da rediyonsa ya jingina da bangon ɗakina, kamar kullum, zai ji labarai a gajeren zango. Rediyo ya ce zzzzz. Ya canja batir. Ya miƙe eriya har ƙarshe. Ya mari rediyon sau biyu, ya ce Turawa sun fara toshe mana labari. Da aka ɗauke wuta murya ta fito tas, da aka dawo da ita ƙudan zuma suka dawo. Kawu ya juyo ya dubi tagata, ni kuwa na duƙufa kan aiki.

Washegari ya aike ni da rediyon wurin mai gyara a babbar kasuwa. Mutumin ya kunna, rediyo yana magana garau. Ya ce, "Malam, me kuka taɓa a gidan?" Na ciro ɓaraguzan daga aljihu, don har lokacin ina da ɗan sa rai. Dariya ta sa sai da ya ajiye kayan aikinsa.

Ya ce sunansa ferit, tsatsar ƙarfe ce ake haɗawa da zinki da manganis ko nikel, a gasa ta yi tauri. Cajar kwamfuta, in ji shi, ba a hankali take mai da wutar gida ta volt 220 zuwa 19 ba. Tana kunna ta tana kashewa sau dubbai da yawa a daƙiƙa ɗaya, wannan fizge-fizgen yana haifar da hayaniya mai saurin kaɗawa, har ta kai mitocin da tashoshin gajeren zango ke amfani da su. Hayaniyar tana bin waya, doguwar waya kuwa eriya ce ko ba ka so. Zoben yana barin wutar caji ta wuce ba tare da ya taɓa ta ba, amma yana tare mai saurin kaɗawar, ya shanye wani kaso nata ya zama ɗan ɗumin da ko yatsa ba zai ji ba. Shi ya sa ake ɗaura shi kusa da bakin waya, tun hayaniya ba ta sami tsawon da za ta watsu ba.

Na ce to yanzu kwamfutar za ta ƙone ke nan? Ya ce a'a, ba fiyus ba ne, ba ya kare komai in wuta ta zo da ƙarfi, ba ya ƙara caji. Yawanci ka cire shi ba za ka ga bambanci ba, maƙwabci mai rediyo ne zai ji. A wayar allo ta VGA hoto kan yi ɗan rawa, a ta USB firinta kan tsaya tsakiyar aiki. Abin tsoron shi ne rezar, in ta ci rufin wayar. Kuma ba kowane ƙulu ba ne ferit, wasu wayoyin akwai ƙananan kayan lantarki a ciki, ka yanke ka kashe wayar.

Ya ɗauko wani mai buɗewa gida biyu daga akwatin tsofaffin kaya, ya ce in zura wayar ta ramin teburin tukuna, sannan in maƙala shi kusa da baki. In ramin zoben ya isa, in zagayo da wayar ta bi ciki sau biyu, ƙarfin tarewar ya ninka kusan sau huɗu.

Na yi yadda ya ce. Zzzzz ɗin ya ragu sosai, saura kaɗan, wanda ya ɓace da Kawu ya ja tabarmarsa zuwa gindin darbejiya. Da na yi masa bayanin ferit dalla-dalla, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce daga yau duk lokacin labarai a cire cajar daga bango, kuma kuɗin batir huɗun da ya canja a banza suna kaina.