Da ya bar kujera, sai kuka bar gaishe shi?

Ranar Asabar a wurin wani ɗaurin aure a Agege na ga abin da har yanzu yake ci mini rai. Wani dattijo, wanda muke kira Baba, ya shekara 35 yana aikin gwamnati a tashar jirgin ruwa ta Apapa. Ya iso da farar babbar riga ta sha guga, ya tsaya a bakin rumfa yana neman wurin zama. Samari sun cika kujeru, kowa ya duƙufa kan waya. A cikinsu har da yaron da Baba ya sama wa aikin da yake ci yau. Hannu kawai ya ɗaga masa daga zaune, kamar ya ga sa'ansa.

Haba jama'a! Shekara uku da suka wuce, wannan yaron fa tun daga ƙofar gida yake cire takalmi. Falon Baba ba ya rabuwa da baƙi: mai neman aiki, mai kaya a tasha, wanda ya sauka daga Arewa bai da masauki. Ashe kujerar kuke durƙusa wa. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Ku ba ku san yadda ritaya take a Ikko ba. Doka ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, wanda ya riga cika. Daga nan a karɓi makullin ofis, a bar gidan gwamnati. Baba ya koma haya can Ikorodu, nesa da masallacin da ya saba da majalisar da ya sani. Kuɗin fansho sai da ya yi watanni yana jira, da suka zo kuma ba su kai albashi ba. Amma bai taɓa yi mini kukan kuɗi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, har yanzu ƙarfe huɗu nake farkawa kamar zan tari mota. In na dawo daga asuba sai in zauna ina kallon waya, ko ta yi ƙara."

Wasu suna cewa ya koma gida mana. Gida wajen wa? Sa'o'insa sun rasu, 'ya'yansa a nan aka haife su, can kuma baƙo ne, ɗan Ikko suke ce masa.

In an yi magana ku ce cunkoson hanya. Cunkoson bai hana ku keta gari zuwa gidan kallon ƙwallo ba, balle masu kwana a shagon caca da sunan neman sa'a. Zumunci a ƙafa yake, ba saƙon barka da Juma'a da ake tura wa mutum ɗari lokaci guda ba. Ku je ku zauna, ku nemi shawararsa ko da kun san amsa.

Lokacin da muka zo garin nan, dattijon da ya ajiye aiki shi ake kai wa rikicin aure da na kasuwa, shi ke karɓar sadaki. Ranar Asabar kuwa, wani tsoho ɗan'uwansa ne ya matsa masa gefen benci, suka raba goro ɗaya.